Kalmomin bita sun taru mini, ina zan fara?

Tambaya: "Jama'a, ina koyon Turkanci, kullum ina shigar da sabbin kalmomi 30 a manhajar da ke tuna mini lokacin bita. Makon farko lafiya lau. Yanzu ina mako na uku, kwana uku kacal na yi ban buɗe ba, na tarar da kati sama da 300 suna jirana. In goge in sake sabon lale ne?"

Ɗan'uwa, kada ka goge komai. Ni ma na faɗa wannan ramin, kuma da Turkancin ne. Matsalar tana wurin 30 ɗin nan da kake zubawa kullum, don kowace kalma da ka ɗauka yau bashi ce da za a biyo ka a kai har sau biyar ko fiye.

Mu yi lissafi da jadawali mai sauƙi. A ce kalmar da ka koya za ta dawo maka bayan kwana 1, da 3, da 7, da 14, da 30. A rana ta biyu, na jiya kawai za ka duba, kati 30. Shi ya sa makon farko yake da daɗi. Amma a rana ta 15 rukuni huɗu ne ke haɗuwa: na jiya, na kwana uku, na mako ɗaya da na mako biyu, wato kati 120, ga sabbi 30 a kai. Ban ma lissafa waɗanda ka manta suka koma farko ba. To ka tsallake kwana uku a wannan hali, ka ga inda tulin naka ya fito. Littafin jagoran Anki, wata manhajar bita da kati, ma ya yi gargaɗi cewa mai ɗaukar sabbi 20 kullum ya sa ran bita kusan 200 a rana.

Abin da na yi shi ne na mayar da adadin sabbi sifili. Ko ɗaya ban ƙara ba sai da na biya bashin. Ina cin kati 60 da safe, 60 da dare, cikin mako guda tulin ya narke. Kuma ba ka yi asarar da kake zato ba: kalmar da tazararta ta kai kwana 14, jinkirin kwana uku ba ya yi mata komai. Waɗanda suka sha wuya su ne 'yan kwana ɗaya zuwa uku, domin mantuwa ta fi gudu a farkon koyo, kamar yadda masanin nan Bajamushe mai binciken mantuwa, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885. Bayan nan na koma sabbi 10 a rana, abin da bai fi minti 20 yake ci mini ba. A mako shida kalmomi 420 ke nan, kuma na riƙe mafi yawansu.

Akwai wani abin da ya fi tulin yi mini illa, sai daga baya na gane. Idan kati ya fito, sai in buɗe amsa da sauri, in ce "ai na sani", in danna maɓallin Good, wato na tuno. Wannan ganewa ce, ba tunowa ba. Manhajar kuwa ta yarda da kai, sai ta ninka tazarar kusan sau biyu da rabi: katin kwana 10 ya tafi kwana 25, ranar da ya dawo kai da shi kamar ba ku taɓa haɗuwa ba. Yanzu sai na furta amsar da baki kafin in juya. In daƙiƙa goma ta wuce ba ta zo ba, Again nake dannawa, wato na manta. Kada ka danna Hard don jin kunya, domin a wurin manhajar Hard na nufin ka tuno, da ƙyar dai.

Za ka kuma lura wasu 'yan kalmomi ne ke ta kai da komowa suna cin lokacinka. Nawa su ne gelmek, wato zuwa, da gülmek, wato dariya. Rana ɗaya na shigar da su, kamanninsu ya sa kullum ɗaya ke shiga gonar ɗaya. Maimaici bai raba su ba. Sai na dakatar da gülmek na mako biyu, na mayar da katin gelmek jimla, "Yarın gel", ma'ana zo gobe. Da ta zauna daram sannan na dawo da 'yar'uwarta. Anki kan yi wa kati alamar leech, wato kati mai cin lokaci, idan ya faɗi sau takwas, amma ni ba na jiran takwas, a faɗuwa ta huɗu nake sake rubuta katin.

Batun ƙararrawar tunatarwa kuma, guda ɗaya ta isa. Na taɓa saita biyar a yini, kafin mako ya fita yatsana ya saba share su ba tare da na karanta ba. Ka ɗaure ta a jikin abin da ba ka fashinsa, kamar bayan karin kumallo. Ranar da aiki ya yi maka yawa, yi bita kawai, ka bar sabbi sai gobe.