Kwamfaresan AC na mota ba ya kamawa

"Na kunna AC, iska na fitowa amma ba sanyi, kulocin kwamfaresa ba ya juyawa. Kwamfaresa ya mutu?"

Kada ka yi saurin yanke masa hukunci, ɗan'uwa. Fara duba fis ɗin AC a akwatin fis. Idan lafiyarsa ƙalau, cire rilen AC, ka sa na ham a gurbinsa in lambarsu ɗaya. Kunna AC. Ka ji kulocin ya yi "ƙas"? To, rile ne ya lalace.

In shiru, galibi gas ne ya zube. Makunnin da ke lura da matsin gas yana yanke wa kwamfaresa wuta da gangan, don kwamfaresa ba gas, mai ba ya zagaye shi. Masu haɗa wayoyin makunnin kai tsaye su bar shi haka, ƙona kwamfaresa suke yi. Je wurin mai AC ya auna matsin da geji, ya nemo inda yake yoyo kafin ya ɗura.