Yadda Ake Raba Rassa Idan Riba Ta Faɗi

"Maigida, mai gidan burodin nan ya ce ribarsa ta faɗi cikin wata guda. Na rubuto dalilai huɗu: tsadar dizal, gasa da sauran gidajen burodi, sakacin ma'aikata da ƙarancin masu saye, amma ka ce wannan ba bishiya ba ce. Yaya ake gina ta?"

Bishiya a nan ita ce a raba matsala reshe-reshe, daga manya zuwa ƙanana, har a gano tushenta. Abin da ka kawo jerin zato ne, kuma aibinsa biyu. Dalilan sun shiga cikin juna, domin gasa ita ce takan jawo ƙarancin masu saye, saboda haka naira ɗaya da ta ɓace za ka iya ƙirga ta sau biyu. Sannan ka bar giɓi, tunda babu inda ka ambaci fulawa, alhali ita ce ke cin kuɗi mafi yawa a gidan burodi. Ƙa'idar da masu ba kamfanoni shawara suke kira MECE, wadda ake dangantawa da Barbara Minto ta kamfanin McKinsey, maganin waɗannan biyun ce: kada reshe ya hau kan reshe, kuma idan an haɗa rassan duka su ba da abin da ake nema ba tare da saura ba.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ka bar lissafi ya raba maka rassan farko. Riba ita ce kuɗin ciniki bayan an cire kuɗin da aka kashe, don haka ba ta da ƙofa ta uku da za ta bi ta fita. Bari mu ɗauki alƙaluma na misali. A ce a watan jiya an yi cinikin naira miliyan 40, an kashe miliyan 34, riba ta kama miliyan 6. A wannan watan ciniki miliyan 38.4 ne, an kashe miliyan 36, riba ta koma miliyan 2.4. Abin da ya ɓace miliyan 3.6 ne: miliyan 1.6 daga ɓangaren ciniki, miliyan 2 daga ɓangaren kashewa. Ka rubuta adadin a kan kowane reshe, kuma duk lokacin da ka sake rabawa ka haɗa ƙananan ka ga ko sun dawo da adadin uwarsu. Idan ba su dawo da shi ba, akwai reshen da ka manta ko wanda ka maimaita. Kafin duk wannan, tabbatar watannin biyu sun cancanci a kwatanta su, domin watan azumi ba ya kama da sauran watanni a harkar burodi, kuma hayar shekara da aka rubuta dukanta a wata guda takan sa riba ta yi kamar ta faɗi alhali lafiyarta ƙalau.

Ciniki shi ne yawan burodin da aka sayar sau matsakaicin farashinsa. Littafin ciniki ya nuna an sayar da 40,000 a kowane wata, wato masu saye ba su ragu ba, don haka ka sare wannan reshen ka daina ɓata lokaci a kansa. Matsakaicin farashi ne ya sauka daga naira 1,000 zuwa 960. Wannan kuma hanya biyu yake da ita: ko an rage kuɗin kowane burodi, ta hanyar sauke farashi ko yi wa dillalai rangwame, ko kuma farashi yana nan amma abin da mutane suka fi saye ne ya sauya. A misalinmu babban burodi yana nan a 1,200, ƙarami a 800. A da ana sayar da 20,000 na kowanne, yanzu babba ya koma 16,000, ƙarami ya hau 24,000. Mutum 4,000 da suka sauka daga babba zuwa ƙarami, kowanne da bambancin naira 400, su ne miliyan 1.6 ɗin cif.

A ɓangaren kashewa, raba tsakanin abin da ke hawa da sauka tare da yawan gashi, kamar fulawa, sukari, yis, leda da dizal, da abin da ake biya ko an gasa ko ba a gasa ba, kamar haya da albashi. Na biyun bai motsa daga miliyan 9 ba, saboda haka miliyan 2 ɗin duk yana cikin na farko. Fulawa kaɗai ta tashi daga miliyan 15 zuwa miliyan 16.74. Sauran naira 260,000 ne ya rage wa dizal da ƴan uwansa, wanda ko ka ɗora wa dizal shi gaba ɗaya bai kai kashi 8 cikin 100 na asarar ba. Mai gidan zai yi ta nanata maka maganar dizal domin shi ne yake biya da hannunsa kullum, kuma ba ƙarya yake yi ba, sai dai reshen ƙarami ne.

Fulawar ma ana raba ta zuwa yawan buhu da kuɗin buhu. Buhu ya tashi daga 60,000 zuwa 62,000, sannan an yi amfani da buhu 270 maimakon 250. A nan akwai wani wuri da rassa kan hau juna ba tare da mutum ya lura ba. Ƙarin farashi a kan tsoffin buhu 250 ya ba da naira 500,000, ƙarin buhu 20 a tsohon farashi ya ba da miliyan 1.2, sai kuma naira 40,000 da ta rage, wadda ita ce ƙarin farashi a kan ƙarin buhunan. Wannan 40,000 ɗin ta kowa ce, don haka ka zaɓa mata gida ɗaya ka rubuta a gefe inda ka sa ta, in ba haka ba jimillarka za ta haura ko ta gaza.

Yanzu ga abin da ya kamata ya tsaya maka a rai: ta yaya gidan da yake sayar da ƙananan burodi fiye da da zai ci fulawa fiye da da? Daga nan lissafi ba zai ƙara raba maka ba, sai ka bi tafiyar fulawar daga sito zuwa hannun mai saye. Ko dai ba ta kai ga kwaɓi ba, saboda sata, lalacewa ko buhun da bai cika kilo 50 ba. Ko an kwaɓa ta an sayar amma burodin ya fi nauyin da aka ƙayyade. Ko kuma an kwaɓa amma ba a sayar ba, ya ƙone ko dillalai sun dawo da shi. Kowane reshe yana da gwajinsa, wato ƙidayar sito, sikeli, da kwatanta littafin gashi da littafin ciniki. Da ka rubuta "sakacin ma'aikata" ka rataya laifi a wuyan mutane kafin ka auna komai, kuma da ka furta shi a gabansu da ba wanda zai sake nuna maka littafi da daɗin rai.

A misalinmu littafin gashi ya nuna ana nan ana gasa babba 20,000 kamar da, an kuma ƙara ƙarami zuwa 24,000 saboda dillalai sun nema. Idan babba yana cin fulawar ƙarami ɗaya da rabi, buhu ɗaya yana ba da ƙarami 200, to ƙarin ƙananan 4,000 su ne buhu 20 ɗin nan, manya 4,000 kuma suna dawowa a bushe ba a sami komai a kansu ba. Kada ya rikita ka cewa sanadi ɗaya ya ɓullo a ƙarƙashin ciniki da kuma ƙarƙashin kashewa. Abin da ƙa'idar ta hana shi ne ƙirga naira ɗaya a wuri biyu, amma ba ta hana rassa biyu su sha daga saiwa ɗaya ba. Sauyin da masu saye suka yi, tare da masu gashi da ba a sanar da su ba, sun ɗauki miliyan 2.8 daga cikin 3.6.

Bishiyar ta tsaya a nan, domin littattafai ba za su gaya maka dalilin da ya sa mutane suka koma ƙarami ba. Ko aljihu ne ya yi sanyi, ko wani gidan ya fito da babba mai araha, wannan sai ka je wurin masu shayi da masu shaguna ka tambaya, kuma a nan ne gasar da ka rubuta da farko za ta sami wurinta idan ta tabbata. Gobe da safe karɓo littattafan gidan na wata uku, ka fara da ciniki da kashewa, ka kawo mini takardar da adadi a kan kowane reshe kafin ka yi wa mai gidan wata magana.