Ma'aikacina ya kawo takardar asibiti da nake shakkarta, yaya zan bincika?

Tambaya: Malam, ina da gidan burodi a Tudun Wada, Kaduna. Wani yarona mai kwaɓa fulawa ya yi mako guda bai zo ba, da ya dawo ya miƙo mini takardar asibiti. An goge wurin kwanan wata an sake rubutawa da wani biro, kuma babu hatimi. Wani ma ya ce ya gan shi yana jan Keke Napep a ranakun. Ina tsoron zaluntarsa, kuma ba na so a cuce ni. Me shari'a ta ce?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Alhaji, ya halatta ka bincika, domin albashi dukiyarka ce kuma aikin amana ne a wuyansa. Abin da bai halatta ba shi ne ka yanke masa hukuncin ƙarya a baki ko a aikace kafin hujja ta tsaya. Lokacin da Annabi Sulaiman (AS) ya nemi alhudahuda bai gan shi ba, da tsuntsun ya dawo da uzuri, cewa Annabin ya yi: "Za mu duba, shin gaskiya ka faɗa ko kana cikin maƙaryata" (Naml, 27). Bai karɓa ido rufe ba, bai kuma ƙaryata ba, sai ya ba shi wasiƙa ya kai don a gane gaskiyar labarin.

Abubuwa biyu ka haɗa, kuma ba ɗaya suke ba. Gogen kwanan wata da rashin hatimi aibi ne a jikin takarda, idonka ya gani, kana da ikon tambaya a kansa. Maganar Keke kuwa labarin mutum ɗaya ne, kuma Allah ya ce a yi bincike kafin a cutar da mutane cikin rashin sani (Hujurat, 6). Kada ka gina komai a kanta tukuna. Shi ma aibin takardar bai tabbatar da jabu ba: likitan da majinyata suka yi wa yawa yakan yi kuskure ya gyara, majinyaci kuma yakan fita bai bi ta ofishin da ake buga hatimi ba. Asali mutum kuɓutacce ne, mai da'awa shi ke kawo hujja.

Ka kira shi ku kaɗai, ba a gaban abokan aikinsa ba. Ka fara da yi masa sannu da jiki, sannan ka ce: "Takardar nan ba ta cika ba, babu hatimi, kwanan watan kuma an gyara. Ka koma su buga hatimi, likitan ya rubuta cikakken sunansa ya sa hannu a wurin gyaran." Ka ba shi kwana biyu ko uku da kuɗin mota. Mai gaskiya wannan ba zai yi masa wuya ba, kuma ba ka ce masa maƙaryaci ba.

Idan ka fi son jin ta bakin asibitin, ka nemi yardarsa a rubuce, ka tambaye su abu uku kawai: daga wurinku takardar ta fito, wace rana, hutun kwana nawa aka ba shi. Kada ka tambayi sunan cutar. Wannan sirrinsa ne, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti bayyana shi sai da yardarsa a rubuce ko umarnin kotu da makamantansu. Ina ja maka kunne a kan abin da wasu ke yi, su nemi wani sananne a ɗakin kati ya leƙa musu fayil. Wannan shi ne tajassusin da aka hana a aya ta 12 ta Hujurat, ga kuma jefa wancan ma'aikacin cikin cin amana.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 16, ta ba ma'aikaci albashin rashin lafiya har kwanakin aiki 12 a shekara idan likita mai rajista ya shaida, da sharaɗin ya yarda likitan da mai aiki ya zaɓa ya duba shi in an nema. Kana iya bin wannan hanya, amma ka ɗauki nauyin kuɗin tunda kai ka buƙata, kuma ka sani wanda ya warke daga zazzaɓin cizon sauro ba lallai a ga alama a jikinsa bayan mako ba. Samunsa lafiya yau ba hujja ba ce cewa jiya ƙarya ya yi.

Idan ta bayyana a kemis aka rubuta masa, takardar ba ta cika sharaɗi ba, amma yana iya yiwuwa da gaske ya yi jinya, domin da yawa daga talakawanmu can suke fara zuwa. Ku daidaita, ka kuma sanar da dukan ma'aikata irin takardar da za a riƙa karɓa nan gaba. Idan asibitin ya ce bai san da ita ba, ka nuna masa amsarsu ka saurare shi. In ha'inci ya tabbata, ba shi da haƙƙin ladan waɗannan kwanaki, kana iya yankewa gwargwadonsu ka hukunta shi bisa yarjejeniyar aikinku, ba tare da yaɗa shi a unguwa ba. Kafin nan, kada ka riƙe masa albashin kwanakin da ya yi aiki, domin babu jayayya a kansu. Wallahu a'alam.