Ranar da baƙi suka tare a maƙwabta

Tambaya: Wasu baƙi sun tare a gidan da ke jikin namu jiya, ban san su ba, ya zan yi in musu maraba ba tare da na takura su ba?

'Yar'uwa ki fara da abinci, don a kwana biyun farko kicin ɗinsu a hargitse yake, tukwane na cikin buhu, gas ma ƙila ba a haɗa ba. Ki zuba tuwo da miya ko shinkafa da wake a kula, ki haɗa da ruwan sanyi ki ba yara su kai, su ce daga gidan nan na kusa ne, ana muku sannu da zuwa. Kuma ki zuba da yawa dan Allah, tarewa ba ta rasa 'yan rakiya.

Washegari da la'asar sai ki shiga da kanki. Ki yi sallama daga zaure ki jira a amsa, ki ce sannunku da zuwa, ya gajiyar tarewa, ya baƙunta, Allah ya sanya alheri ya ba mu zaman lafiya. Ki faɗi sunanki, in babba ce ki ce mata Hajiya ko Mama, in sa'arki ce ki tambayi sunan ɗanta ki riƙa cewa maman wane. Minti goma ya isa, kar ki shiga tambayar nawa suka kama haya ko me ya taso su daga can, irin wannan shi ke sa mutum ya ja baya.

Abin da baƙo ya fi buƙata shi ne sanin unguwa, ki gaya mata inda injin markaɗe yake, da mai ruwan da za a kira, da lokacin da ake kawo wuta, da islamiyyar yara. Maigidanki kuma ya tari nata a ƙofar gida su tafi masallaci tare ya gabatar da shi ga liman da mai unguwa.