Ni ma na sha wannan wahalar: dalilin da ya sa ƙofofin kwantam H, S da CNOT ba su isa ba

Wani ɗan uwa ya yi tambaya: "'Yan uwa, na gina sarƙewar kubit 500 da H, S da CNOT, kuma kwamfutata ta kwaikwaye ta nan take. An ce min waɗannan ƙofofin ba su isa a gina kowane lissafin kwantam ba sai da T. Me ya rage musu, tunda har sarƙewa suna haifarwa?"

Wallahi ɗan uwa, ka sosa min inda ke yi min ƙaiƙayi. Sati uku na kwashe ina neman gina ƙofar Toffoli, mai juya kubit na uku in biyun farko duka 1 ne, da waɗannan ukun kaɗai. Na rubuta furogiram mai gwada jeri bayan jeri, na bar shi yana aiki kwana da kwanaki. Ranar gabatar da aiki na ce "saura kaɗan". Wani malami ya ƙyalƙyale da dariya gaban kowa, ya ce in koma aji ɗaya. Bai yi min bayanin komai ba, ko kalma ɗaya, ya tattara takardunsa ya fita. Har yau in na tuna yadda aka yi ta kallona sai raina ya sosu, don abin da zai faɗa min bai wuce minti biyu ba. Ga shi nan.

Ɗauki kubit ɗaya a |0⟩, ka yi ta buga masa H da S yadda ka ga dama. Yanayi 6 kacal za ka taɓa samu: |0⟩, |1⟩, |+⟩, |−⟩, |+i⟩, |−i⟩. Kubit biyu, 60. Uku, 1080. Adadin yana ƙaruwa amma kullum yana da iyaka, alhali yanayin kubit ɗaya ma ba ya ƙirguwa. To ta yaya za ka kusanci abin da ke tsakanin ɗigo shidan nan?

Sanadin shi ne ƙofofin Clifford, wato waɗannan ukun, suna mai da Pauli, wato X, Y da Z, zuwa Pauli. H tana mai da Z ya koma X, S tana mai da X ya koma Y. Duba yanayin Bell: ka fara da ZI da IZ masu bayyana |00⟩, H a kan na farko ta ba ka XI da IZ, CNOT ta mai da su XX da ZZ. Shi ke nan, an sarƙe, kuma layi biyu na haruffa ka rubuta. Kubit 500 ɗinka layi 500 ne, ba lambobi 2^500 ba. Wannan ce ka'idar Gottesman-Knill ta 1998, kuma Aaronson da Gottesman sun ƙara mata sauri a 2004. Saboda haka sarƙewa ita kaɗai kada ta ruɗe ka, ni ma ita ta ruɗe ni.

Ga gwajin da ya kamata malamin nan ya nuna min. A irin wannan da'irar, in ka auna kubit guda, yiwuwar samun 1 ko dai 0 ce, ko 1/2, ko 1, babu na huɗu. Sa H a kan kubit biyu masu iko, ka bi da Toffoli. Kubit na uku zai zama 1 ne kawai in duka biyun 1 ne, wato 1/4. Babu 1/4 a cikin jerin. Sati ukuna na ɓata ina neman abin da babu shi.

Ita T, juyi ne na π/4, rabin na S, shi ya sa T sau biyu ke ba da S. Abin da take yi wa X ne ya karya tsarin:

```
S X S† = Y
T X T† = (X + Y)/√2
```

Harafi ɗaya ya rabe biyu. Kowace T na iya ninka abin da kwamfutarka za ta riƙe, don haka a wannan hanyar T 30 na iya kai ka guntaye fiye da biliyan. Akwai dabarun rage nauyin, amma duk da haka yana ninkuwa ne da yawan T. Gwada H, T, H a kan |0⟩, za ka ga 0 na fitowa da yiwuwar cos²(π/8), kusan 0.854. Da ka ga lamba irin wannan, ka fita gidan Clifford. Kuma in ka jera H da T kana maimaitawa, kusurwar juyin da suke yi tare ba ta taɓa dawowa daidai inda ta fara, sai ta yi ta cike giɓi har ka kusanci duk kusurwar da kake so. Ka'idar Solovay-Kitaev ce ta tabbatar jerin ba ya yin tsawon da ya fi ƙarfi.

Kada kuma ka ɗauka T wata waliyyiya ce. Duk ƙofar da ke wajen gidan Clifford za ta iya wannan aikin. An fi son T ne don an san yadda ake kare ta daga kuskure, ko da yake da tsada: tacewar Bravyi da Kitaev ta 2005 na cinye gurɓatattun yanayi 15 kafin ta ba da mai kyau ɗaya. Shi ya sa yanzu in na ga da'ira, T nake fara ƙirgawa. Toffoli ɗin da na sha kunya a kanta, T 7 take ci in babu kubit na taimako, ni kuwa ina can ina nemanta da sifiri.