Zomo Ne Ko Gyazbi? Amsoshin Tambayoyinku Kan Hotunan Gona

"Malam, wata dabba tana yi mini ɓarna a gonar masarata da ke bakin rafi wajen Vom. Na ɗauke ta hoto da yamma, na jawo ta sosai, ga shi na turo ta WhatsApp. Ni na ce zomo ne, ƙanena ya ce gyazbi ne. Ka raba mana gardama." Wani manomi daga Bukuru

Malam, Allah ya ba da amfani mai albarka. Abin da ya iso wayata wani dunƙule ne mai ruwan ƙasa a tsakiyar kore, ga alamar batir da agogo a samansa, wato hoton allo ka ɗauka ka turo. Da ƙanenka zai ce dutse ne, shi ma sai an saurare shi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka yau sai ka yi haƙuri da dogon bayani.

Sau uku aka yanke wa hoton nan hanzari kafin ya zo hannuna. Na farko shi ne jawowar da ka yi da yatsu biyu. Idan wayarka ba ta da ido na musamman na hango nesa, buɗa yatsu a kan allo ba ya matso da komai. Wayar tana yanko tsakiyar hoton ne ta kumbura shi, sannan ta shafe gefuna don ya yi sumul. Gefunan nan kuwa su ne shaidarmu, domin bakin kunne da silin gashi da jela duk a can suke. Na biyu hoton allo, wanda ba ya wuce girman allon wayarka, kuma yana zubar da bayanan da ke cikin hoton asali, irin su lokacin ɗauka da saurin kyamara. Na uku WhatsApp, wanda ke matse hoto idan aka tura shi ta hanyar da aka saba.

Bari mu yi lissafi ka gani da idonka. Hoton waya na yau da kullum yana da ɗigo 4000 a faɗinsa. Idan ka tsaya mita 20 daga dabba, babbar kyamarar tana kwaso fili mai faɗin kusan mita 27, wato kowace mita ta samu ɗigo wajen 150. Zomon daji mai tsawon rabin mita zai samu ɗigo 75 ke nan, kunnensa kuma bai kai ɗigo 20 ba. Baƙin da ke ƙarshen kunnen, wanda shi ne babban tambarinsa, ɗigo uku ne ko huɗu. Da zarar an matse faɗin hoton ya koma wajen 1600, baƙin nan ya zama ɗigo ɗaya ko biyu, ya narke cikin ciyawa. Shi ya sa nake ta nanatawa: a ɗauki hoto a kan 1x, ko a kan 2x ko 3x idan wayar tana da idon da ke yin hakan da gaske, a bar yankewa sai an koma gida. Wajen turowa kuma a zaɓi Document, hoton zai zo yadda kyamara ta haife shi. Ko HD ɗin da WhatsApp ya ƙara a 2023 bai kai wannan ba.

To, duk da haka ban bar ka hannu rabbana ba. Akwai abin da matsi ba ya iya gogewa, wato fasalin jiki da girma. A hotonka ana ganin kunya biyu na masara, kuma yawancin manoma suna barin tazarar wajen santimita 75 tsakanin layi da layi. Dabbar ta cika kusan kashi biyu cikin uku na wannan tazara, don haka tsawonta ya kai rabin mita. Wannan ya fitar da ɓera da kurege daga zance, amma bai raba zomo da gyazbi ba, domin a tsawo kusan kai ɗaya suke.

Sai mu koma kan tsayuwa. Zomon daji dogayen ƙafafun baya gare shi, har ɗuwawunsa ya fi kafaɗarsa tsayi idan yana tafiya, jikinsa siriri, wuyansa a fili, kuma akan ga haske a ƙarƙashin cikinsa idan ya miƙe. Gyazbi kuwa gajerun ƙafafu gare shi, cikinsa dab da ƙasa, kansa ƙato mai dakusasshen hanci, ya haɗe da gangar jiki kamar ba wuya. Dunƙulen da ka turo bayansa a gantsare yake daga hanci har gindi, babu inda ya karye, babu kuma wani abu da ya yi tsini a saman kai. Kunnen gyazbi ƙarami ne kewayayye, ya kusa ɓuya a cikin gashi, don haka a hoto mai nisa sai ka ga kamar ba shi da kunne.

A nan ne mutane ke yin gaggawa, su ce tunda babu kunne ba zomo ba ne. A yi hattara. Zomon daji idan ya ji motsi yakan lafe a ƙasa, ya kwantar da kunnuwansa a kan baya, shi ma ya koma dunƙule. Abin da ke tona masa asiri a wannan hali shi ne ido: babba ne, a gefen kai, ruwan zuma, da farin zobe a kewaye, ga kuma ja-ja a ƙeya. Idon gyazbi ƙarami ne, baƙi. A hotonka ban iya ganin ido ba, amma na ga wani siririn layi mai duhu a bayan dabbar, kwance a kan ƙasa. Idan jela ce, magana ta ƙare, domin jelar zomo ɗan tuntu ne, baƙi a sama fari a ƙasa, ba ta jan ƙasa.

Hukuncina, ƙanenka ya fi ka kusa da gaskiya. Wurin ma yana goyon bayansa, don gyazbi ɗan bakin ruwa ne da doguwar ciyawa, zomon daji kuma ya fi son fili mai gajeriyar ciyawa inda zai ga hanyar gudu. Idan kana son tabbaci, gobe da sassafe ka ɗauko mini hoton ɓarnar, ita ba ta gudu. Gyazbi yana yanke karan masara daga ƙasa a karkace, kamar an sa wuƙa, ya kayar da shi, ya bar guntayen kara a tare a inda ya zauna ya ci. Kashinsa dogo-dogo ne mai tsagi a gefe ɗaya. Zomo kuwa ganye mai taushi da sabon tsiro yake tsinka, ba ya kayar da masarar da ta yi ƙwari, kashinsa kuma ƙwallaye ne kewayayyu cike da dusar ciyawa. Ka ajiye biro ko murfin kwalba kusa da abin kafin ka ɗauka, don a san girmansa. Kuma don Allah, Document.

"Na haska wata dabba da dare a bayan gidanmu a Rayfield, idanunta suka fito jajir a hoto. Wannan ba ya nuna zomo ne?" Wata mai karatu

A'a, Hajiya. Hasken da kika haska ne ya shiga idon ya dawo, kuma dabbobi da yawa idonsu ja yake fitowa, har da ɗan Adam. Wayarki ta shiga Night, wato tsarin ɗaukar hoton dare, ta haɗa hotuna da dama cikin 'yan daƙiƙu, dabbar kuma ta motsa, shi ya sa ta fito da kai biyu a hoton. Gaba ki kashe Night, ki ba wani ya riƙe tocila daga gefe, ki ɗauki bidiyo. Tafiyar kaɗai ta isa: zomo tsalle yake yi da ƙafafun baya a tare, dangin ɓera kuwa sanɗa suke yi kusa da ƙasa, galibi a jikin bango.

"Yara sun tsinci 'ya'yan zomo biyu a cikin ciyawa a hanyar Dutsen Shere, ga hotonsu. Na gida ne da suka ɓata? Mu kawo su keji?" Wani malamin makaranta

Malam, kai ka turo hoto mai kyau, Allah ya saka. An ɗauka a kusa, babu jawowa, ga hannun yaro a gefe yana nuna girma. 'Ya'yan nan ba su fi tafin hannu ba, amma gashinsu ya cika, idonsu a buɗe, kuma a sarari aka same su cikin ɗan lotsawar ciyawa. Wannan zomon daji ne. Haka ake haihuwarsa, da gashi da ido a buɗe, ba a cikin rami ba. Ɗan zomon gida tsirara ake haihuwarsa, ido a rufe har wajen kwana 10, cikin rami ko akwati da uwar ta shimfiɗe da gashin jikinta.

Ga manya ma bambancin a hoto ba shi da wuya. Zomon da ake kiwo asalinsa daga zomon Turai ne, jikinsa a dunƙule, ƙafafun baya da kunne sun fi na daji gajarta, kuma sau da yawa fari ne ko baƙi ko mai dabbare-dabbare. Wanda ke rikita mutane shi ne mai ruwan ƙasa, to shi sai a duba ƙarshen kunne da launin ido, don na gida ba shi da faffaɗan baƙin nan, idonsa kuma ya fi duhu. Idan ka ga zomo a dajin ƙasar nan nesa da gidaje, kusan kullum na daji ne.

A mayar da su daidai inda aka ɗauko su, yau ɗin nan kafin magariba. Ba marayu ba ne. Uwar takan bar su su kaɗai yini guda, ta dawo cikin duhu ta shayar da su na 'yan mintuna, kuma a keji da wuya su rayu.

"Wannan da kare ya kama mana a Gangare, gyazbi ne? Ana sayensa?" Wani matashi

Ɗana, dubi jelar da ka kusa yankewa daga hoton. Ta kai tsawon jikin, kuma rabinta na ƙarshe fari ne. Ga manyan kunnuwa marasa gashi, ga dogon baki da kumatu masu jaka. Gafiya ce. Jelar gyazbi ba ta kai rabin jikinsa ba, gashinsa kaushi gare shi, haƙoransa na gaba kuma faffaɗa ne masu ruwan lemo. Kada ka kai wa mai saye da sunan gyazbi, zai yi maka dariya tun daga nesa. Gaba idan za ka ɗauki dabba, ka juya wayar a kwance, ka ja da baya taku ɗaya har jela ta shiga gaba ɗaya, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka sake taɓa wayar.