Hankali ko Gaɓoɓi: Teburin Bita

Tambaya: "Malam, don Allah a yi mana teburin bita kan rashanalizim da emfirisizim. Ina kowannensu ya ce ilimi yake fitowa?"

Muryar Malam:

Assalamu alaikum. To, ku raba takarda gida biyu. Dama ku rubuta 'yan hankali, wato masu rashanalizim: Descartes, Spinoza, Leibniz. Hagu 'yan gaɓoɓi, wato masu emfirisizim, masu dogaro da gaɓoɓin gani da ji da taɓawa: Locke, Berkeley, Hume.

Layin farko, tushen ilimi. A nan ɗalibai suke zubar da maki, sai su rubuta wai waɗannan sun ƙi ido, waɗancan sun ƙi tunani. A'a. Kowa yana amfani da duka biyun. Gardamar ita ce: hankali shi kaɗai zai iya sanar da mu wani abu game da duniya? Dama ku sa "e", hagu "a'a, sai an gani, an ji, an taɓa".

Layi na biyu, me aka haife mu da shi? Hagu, Locke ya ce zuciyar jariri farar takarda ce. Dama, Leibniz ya ce dutsen marmara ne mai jijiyoyi, siffar tana ciki, sassaƙa ce ke fito da ita.

Layi na uku, hujja, kuma nan nake so ku daɗe. A 1641 Descartes ya kawo misalin kakin zuma. Yana da ƙamshi, da tauri, da sanyi, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Kai shi kusa da wuta: ƙamshin ya tafi, ya narke, ya yi zafi, ƙarar ta ɓace. Duk abin da gaɓoɓi suka shaida ya canza, amma ka san kakin nan ne dai. Wa ya gaya maka? Ya ce hankali ne ya yanke hukuncin. Hagu kuma ku sa Hume, 1748: mutumin da bai taɓa ganin wuta ba, komai kaifin basirarsa, ba zai gano daga haskenta cewa tana ƙuna ba. Sai an gwada.

Layi na huɗu, rauni. 'Yan hankali suna da ƙarfi a lissafi, amma ukun nan kowa da hankalinsa ya dogara, suka saɓa kan adadin asalin abubuwa: Spinoza ya ce ɗaya ne, Leibniz ya ce ba iyaka. 'Yan gaɓoɓi kuwa, Hume da kansa ya tona nasu: rana ta fito jiya da shekaranjiya, amma ido bai ga gobe ba. Sabo ne ke sa mu tsammani. A ganina wannan raunin ya fi zurfi.

In an tambayi wanda ya yi sulhu, Kant ne, a littafinsa na 1781. A bugu na biyu, 1787, ya ce: ilimi da gaɓoɓi yake farawa, amma ba duka daga can yake fitowa ba. Ku sa shi a ƙasan tebur, ya ratsa gida biyun.